Yadda Ake Cire Farin Takarda Daga Hoton Sa Hannu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne akawun wata makarantar kuɗi a Dorayi. Shugabanmu ya ce ya gaji da sa hannu a takardun sakamako sama da 300 duk ƙarshen zango, shi ne ya sa na yi sikanin sa hannunsa don in riƙa ɗorawa a Word. Amma da na ɗora sai ya fito da wani akwatin fari, ya rufe layin da ke ƙasansa da rabin hatimin makaranta. Na gwada `Set Transparent Color`, sai wurin ya yi dabbare-dabbare kamar jikin zabuwa. Yaya zan yi ya rage tawadar kaɗai?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam akawu. Tushen matsalar abu ɗaya ne: takardar da idonka yake gani fara, a wurin kwamfuta ba fara ba ce. Idan ka gane wannan, sauran aikin bai wuce na minti goma ba.

Kwamfuta tana auna kowane ɗigo na hoto da lambobi uku, na ja da na kore da na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Fari fat shi ne 255, 255, 255. To, na ɗauki takardar A4 irin wadda muke saye a bandir, na sa hannu da shuɗin biro, na saka a sikanar ofishina, sannan na auna wani wuri da ba rubutu. Abin da na samu shi ne 228, 222, 205. Wato ruwan madara ne mai ɗan karkata zuwa rawaya. Da na matsa gefe kaɗan sai lambar ta koma 231, 224, 209, can kusa da bakin takardar kuma ta ƙara sauka. Takarda tana da zare-zare a jikinta, fitilar sikana ba ta haska ko'ina daidai, kuma idan an ajiye hoton a matsayin JPG, shi ma yana ƙara nasa ƙurar a gefen rubutu. Saboda haka abin da muke kira "farin takarda" launuka ne ɗaruruwa masu kama da juna.

Shi kuwa `Set Transparent Color` na Word launi ɗaya tak yake cirewa, wanda ka danna a kansa. Duk ɗigon da ya bambanta da shi ko da lamba ɗaya ce, yana nan daram. Abin da ya haifar maka da jikin zabuwa ke nan. Kayan aikin bai lalace ba, an yi shi ne don hotunan da aka zana a kwamfuta, waɗanda bayansu launi ɗaya ne tsantsa.

Don haka tsarin aikin biyu ne, kuma ba a juya su: a fara mayar da takardar fara fat, sannan a cire farin. Yawancin masu shan wahala a wannan aiki sun tsallake na farkon ne.

Kafin ma a zo kan kwamfuta, koma wurin shugaban naku da farar takarda marar layi, ka roƙe shi ya sa hannu sau huɗu ko biyar, da tazara a tsakaninsu, ka zaɓi wanda ya fi fita. Kada ka yarda da wanda aka yi a littafin rubutu mai layi. Layin shuɗi ne, biron shuɗi ne, babu wata dabarar da za ta raba su ba tare da ta cinye wani ɓangare na rubutun ba, sai dai ka zauna kana gogewa da hannu. Ka sa wasu takardu biyu ko uku a ƙarƙashi don biron ya zauna sosai, kuma idan akwai biro mai ruwan tawada, ya fi irin wanda yake tsallake yana barin fari a tsakiyar layi. Ka goge gilashin sikanar da ƙyalle mai laushi. A Kano, musamman da hunturu, ƙurar da ke kwanciya a gilashin nan tana fitowa a hoto kamar barkonon da aka barbaɗa, kuma bayan an cire farin ita ce take ragewa tare da tawadar.

Wajen sikanin, zaɓi `Color`, ko da baƙin biro ne, kada ka zaɓi `Black and White`. Wannan na biyun yana yanke hukunci a kan kowane ɗigo, ko baƙi ko fari, sai gefen rubutun ya fito da haƙora kamar zarto. Ka sa `600 dpi`, wato ɗigo 600 a kowane inci, idan sikanar tana da shi. Sa hannun da faɗinsa ya kai santimita 6 zai ba ka ɗigo kusan 1400 a kwance, a `300 dpi` kuma kusan 700. Na 300 ɗin ma ya isa takardar sakamako, amma na 600 ya fi daɗin gyara, kuma ƙanƙanta hoto ba ya ɓata shi, faɗaɗa shi ne yake ɓatawa. Idan an ba ka zaɓin nau'in fayil, ɗauki PNG ko TIFF a kan JPG.

Manhajar da nake ba da shawara ita ce GIMP. Kyauta ce, ba ta buƙatar data bayan an sauke ta, kuma tana tafiya a tsofaffin kwamfutocin ofis ɗin nan namu. Sunayen da zan ambata duk suna cikin 2.10, kuma za ka same su a 3.0 da ta fito a 2025.

Buɗe hoton, ka yanke shi da `Crop` ya rage sa hannun da ɗan fili kewaye da shi. Sai ka shiga `Colors > Levels`. Za ka ga wani zane kamar tsaunuka. Babban tsaunin da ke dama shi ne takarda, ɗan tudun da ke hagu shi ne tawada. A ƙasan akwatin akwai wasu maɓallai masu hoton abin ɗiga magani a ido. Nemi wanda idan ka ɗora maus a kansa yake nuna na zaɓar `white point`. Danna shi, sannan ka danna a kan takardar. A nan ne mutane suke kuskure: suna danna wurin da ya fi haske. Ka danna wurin da ya fi duhu a jikin takardar, inda ba tawada. Dalili kuwa, abin da kake gaya wa GIMP shi ne "daga wannan hasken zuwa sama duk fari ne". Idan ka zaɓi wuri mai haske, duk inda ya fi shi duhu zai rage da datti. Amfanin wannan maɓallin shi ne yana gyara launukan uku kowanne daban, shi ya sa rawayar takardar take tafiya gaba ɗaya. A nawa gwajin, 228 da 222 da 205 duk sun koma 255.

Bayan ka danna `OK`, sake buɗe `Levels` ɗin karo na biyu. A ƙarƙashin `Input Levels` akwai ƙananan kibiyoyi uku. Jawo ta dama daga 255 zuwa wajen 240, don ta share ragowar zare-zaren takarda da suka tsira. Ta hagu kuma ka turo ta daga 0 zuwa wajen 20, tawadar za ta ƙara kauri. Ka yi wannan kana kallon wutsiyar sa hannun, inda biron ya tashi daga takarda ya bar siririn layi. Da zarar ka ga wutsiyar ta fara tsinkewa, ka wuce gona da iri, sai ka mayar da kibiyar dama baya kaɗan. Ni ina damuwa da wannan wutsiya ƙwarai, domin ita da wuraren da hannu ya danna ya sassauta su ne suke sa a kalli sa hannu a san na mutum ne. Idan aka ƙone su, abin da zai rage ya fi kama da hatimin roba.

Yanzu takarda ta yi fari, sai cirewa. Shiga `Layer > Transparency > Add Alpha Channel`. Wannan alfa lamba ce ta huɗu da ake ƙara wa kowane ɗigo, wadda take faɗin yadda yake rufe abin da ke bayansa: 0 ba ya rufe komai, 255 ya rufe ruf, tsakaninsu kuma shara-shara ne kamar mayafi. Daga nan sai `Colors > Color to Alpha`. Launin da ke cikin akwatin dama fari ne, ka bar shi haka, ka danna `OK`. Takardar za ta ɓace, ka ga wasu ƙananan murabba'ai masu ruwan toka kamar allon dara. Wannan alama ce ta cewa wurin ba komai, ba za su fito a firinta ba. Idan ka tarar da umarnin a dushe ba ya dannuwa, je `Image > Mode` ka zaɓi `RGB`.

Bari in ɗan tsaya a kan abin da ya sa na zaɓi `Color to Alpha` na bar sandar tsafin nan, `Fuzzy Select`, wadda kusan kowa yake fara ɗauka. Idan ka faɗaɗa hoton sosai za ka ga tsakanin tawada da takarda ba katanga ba ce. Akwai ɗigo biyu ko uku da suke rabi tawada rabi takarda, shuɗi mai haske-haske. Sandar tana da zaɓi biyu ne kawai a kansu. Idan ta bar su, sai rubutun ya fito da farin rawani kewaye da shi, wanda ba a gani a farar takarda amma yana bayyana da zarar ya hau kan hatimi ko takarda mai launi. Idan ka ƙara mata ƙarfi ta kwashe su, rubutun ya rame ya yi haƙora. Ga kuma wata matsalar: tana bin farin da yake haɗe da juna ne kawai, saboda haka cikin da'irar harafi kamar "a" ko "b" ko zagayen da mutane suke yi a farkon sa hannu, duk farin yana nan sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa `Color to Alpha` yana duba kowane ɗigo ne ya cire kason farin da ke cikinsa. Ɗigon da yake rabi da rabi zai koma cikakken shuɗi mai rufe rabin abin da ke bayansa. Haka tawadar gaske take zama a kan takarda, shi ya sa sakamakon yake kama da an rubuta a wurin.

Wannan hali nasa shi ne kuma dalilin da ya sa ba a tsallake `Levels`. Lissafinsa mai sauƙi ne: yana ɗaukar mafi ƙanƙantar lamba cikin ukun, ya duba nisanta da 255. A takardata mafi ƙanƙanta ita ce 205, nisanta 50, wato kusan kashi 20 cikin 100. Da na cire farin kai tsaye ban gyara ba, da duk faɗin takardar ya rage a matsayin wani hazo mai ruwan ƙasa, mai rufe kashi 20 na abin da ke bayansa. Akwatin bai tafi ba ke nan, ya dai sauya riga. Wannan ya taɓa cin ni. Shekarun baya na yi wa wata ƙungiya takardun gayyata, a fuskar tsohuwar laftof ɗina komai tsaf, sai da aka buga sama da 200 aka kawo mini na ga kowace da ɗan murabba'i mai duhu-duhu a bayan sa hannun sakatare. Sai da aka sake bugawa, kuma har yau ina jin zafin asarar da na jawo musu.

Lissafin nan yana taɓa tawadar ma. Shuɗin birona ya auna 32, 44, 128. Mafi ƙanƙanta 32, saboda haka bayan cire fari tawadar tana rufe kusan kashi 87 ne cikin 100, ba duka ba. A farar takarda ba za ka ga bambanci ba. A kan hatimi mai ruwan malmo kuwa, hatimin zai ɗan leƙo ta cikin rubutun. Ni wannan yana burge ni, don haka abin yake idan aka sa hannu a kan hatimi da biro na gaske. Amma idan ka ga ya yi haske da yawa, yi `Layer > Duplicate Layer` sannan `Layer > Merge Down`. Shimfiɗa biyu, wato hoton da kwafinsa, a kan juna za su kai shi kusan kashi 98. Sau ɗaya ya isa. Idan ka maimaita, ɗan dattin da ya rage shi ma kauri zai yi.

Kada ka fitar da hoton sai ka jarraba shi, kuma jarrabawar iri biyu ce domin dattin iri biyu ne. Yi `Layer > New Layer`, ka cika ta da baƙi ko kore mai duhu, ka ja ta ƙarƙashin sa hannun. A nan ne farin rawani yake tona kansa. Sannan ka mayar da ita fara. A nan ne hazon ruwan ƙasa da ɗigon ƙura suke bayyana, domin a kan duhu ɓuya suke yi. Duk abin da ka gani a gefe, ɗauki `Eraser` ka goge. Idan ka gama, share wannan shimfiɗar gwajin, sannan ka danna `Image > Crop to Content`. Wannan umarni yana yanke duk filin da ba komai a cikinsa. Idan ya matse har bakin rubutun ta ko'ina, aikinka ya yi tsabta. Idan ya ƙi yankewa, ko ya bar fili mai yawa a wani gefe, to akwai dattin da idonka bai gani ba a wannan gefen.

Fitarwa kuma ta `File > Export As` ake yi, ka rubuta sunan ya ƙare da `.png`. JPG ba shi da wurin ajiye lambar alfa ko kaɗan, idan ka ajiye da shi duk wahalar da ka sha ta tashi a banza, akwatin zai dawo. Kada kuma ka taɓa `Flatten Image` a wannan mataki, shi ma cike wurin yake yi da launi.

A Word, shigo da shi ta `Insert > Pictures`, ba ta kwafa da liƙawa ba, domin wasu manhajojin suna zubar da alfar a hanya. Danna hoton, ka zaɓi `Wrap Text > In Front of Text`, sai ka ja shi ya hau kan layin. Ka ƙanƙanta shi ta kusurwa don kada ya miƙe ko ya baje, ka mayar da shi girmansa na asali, santimita 5 zuwa 6. Ka bar shi ya ɗan ratsa layin, don babu mai sa hannu yana shawagi a sama da layi. Buga guda ɗaya tukuna, ka fita da ita rana ka duba, sannan ka saki sauran 300 ɗin.

Akwai maganar da ba zan bari ta wuce ba, Malam akawu, tunda amana ce aka ba ka. Fayil ɗin da ka haɗa yanzu, duk wanda ya same shi zai iya ɗora shi a kan kowace takarda, har da wadda shugaban bai taɓa gani ba, kuma kyan aikin da ka yi shi ne zai sa a kasa ganewa. Hoto ne kawai, ba shi da wani kulli da ke tabbatar da wanda ya ɗora shi, ba kamar sa hannun lantarki mai satifiket ba. Na taɓa zuwa buga takarda a wani shagon kwamfuta, yaron ya buɗe wurin ajiyar fayiloli a gabana, na ga hotunan sa hannun mutane a jere tare da fasfo ɗinsu, waɗanda masu su suka tafi suka bari. Saboda haka ka ajiye shi a kwamfuta ɗaya mai lambar sirri, kada ya kwana a filashin da ke yawo hannu-hannu. Ka sani kuma ana iya zaro hoton daga cikin fayil ɗin Word, har ma daga PDF. Idan za ku kai bugu waje, ka tsaya a share a gabanka. Shawarata ga shugaban ita ce ya ware wa takardun sakamako sa hannu daban da wanda yake yi a banki, kuma takardar shaidar kammalawa da duk abin da ya shafi kuɗi ya ci gaba da sa musu hannu da biro.

Tambaya: Malam, ofishinmu a Kantin Kwari ba mu da sikana, da waya nake ɗauka. Amma gefe ɗaya na takardar yana yin duhu, idan na gyara shi sai rubutun ɗaya gefen ya goge.

Amsa: Alhaji, inuwa ce, kuma galibi taka ce ko ta wayar. Mafi sauƙi shi ne a hana ta tun farko. Fito da takardar bakin shago inda haske ya wadata amma rana ba ta dukanta kai tsaye, ka shimfiɗa ta a kan abu mai lebur, ka kashe fitilar kyamara. Kada ka kusanto da wayar. Ja baya kamar kamu biyu, ka jawo hoton da zum zuwa `2x`, wayar tana kallon takardar sak daga sama. Nisan ne yake kawar da inuwar hannunka, kuma yana hana rubutun karkacewa.

Idan kuwa hoton ya riga ya ɗauku kuma mai sa hannun ya yi tafiya, akwai dabara a GIMP da ake yi kafin `Levels`. Yi `Layer > Duplicate Layer`. A kan ta saman, shiga `Filters > Blur > Gaussian Blur`, ka ɗaga lambar har sai rubutun ya narke ya ɓace, ya rage haske da inuwa kawai. A hoton waya yakan kai 60 zuwa 100, ya danganta da girman hoton. Sai ka je akwatin `Mode` da ke saman jerin shimfiɗu, ka sauya shi daga `Normal` zuwa `Divide`. Nan take za ka ga takardar ta yi fari daga wannan gefe zuwa wancan. Abin da ya faru shi ne an raba hasken kowane ɗigo da hasken unguwarsa: inda takarda ta yi duhu an raba duhu da duhu ya ba da fari, tawada kuwa ta fi unguwarta duhu sosai, sai ta tsira. Yi `Merge Down`, ka ci gaba da matakan da na yi wa Malam akawu bayani. Tawadar takan ɗan kwashe bayan wannan, saboda haka kibiyar hagu a `Levels` za ta buƙaci turi fiye da 20.

Wanda ba shi da kwamfuta sam, manhajar zane ta ibisPaint X tana da umarnin `Clear White` a cikin jerin shimfiɗu, kuma tana ajiyewa a matsayin PNG marar baya. Ƙa'idar ba ta sauya ba: ka fara ƙara wa hoton haske da kaifi a wurin gyaran hoto na wayar har takardar ta yi fari fat, sannan ka shigar da shi. Shafukan intanet masu cewa ka loda hoto su cire maka baya kuwa, ban yarda a ba su sa hannu ba. Ba ka san inda zai kwana ba, kuma sau da yawa suna cinye siraran layuka su bar fari a cikin da'irar haruffa.

Tambaya: Yaya, na gama komai ya yi kyau, na tura wa maigidana ta WhatsApp, shi kuma ya ce baƙin akwati yake gani, ko rubutun ba ya fita.

Amsa: Ƙanwata, aikinki bai lalace ba. Idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba, WhatsApp yana matse shi ya mayar da shi JPG, alfar ta zube, wurin da ba komai ya cike da baƙi ko fari. Ki danna alamar maƙala abu, ki zaɓi `Document` maimakon `Gallery`, ki nemo fayil ɗin `.png` ki tura. Haka zai isa yadda yake.

Ko bayan haka yana iya buɗewa ya ce har yanzu baƙi yake gani, domin yawancin wayoyi suna nuna hoto ne a kan baƙin bango, kuma shuɗin rubutu marar baya a kan baƙi da ƙyar ake ganinsa. Ki ce masa kada ya yi masa sikirinshot, don shi ma yana haɗa bangon da rubutun su zama abu ɗaya. Ya shigar da fayil ɗin cikin takardar kai tsaye ta `Insert > Pictures`, a nan ne zai ga ko farin ya fita.